Yadda Ake Gina Gajeren Labarin Akawun Banki da Cakin da Lambarsa Ta Saɓa wa Rubutunsa

Wuyar wannan labari ɗaya ce: a ƙarshensa babu abin da ya faru. Kuɗi ba su fita ba, ba a kama kowa ba, an rufe banki kowa ya tafi gida. Shi ya sa marubuta da yawa suke tsorata su cusa masa 'yan fashi ko manaja maci amana don ya yi armashi, sai ya koma wani labarin daban. Alhali ƙarfinsa yana cikin ɗan ƙaramin saɓanin da akawun ya gani, da mintocin da ya yi yana tsaye a kanta kowa na jin haushinsa. In marubuci ya san aikin kanta sosai, waɗannan mintoci sun ishe shi labari mai kalma 1,200 zuwa 1,500.

Zaɓen saɓanin

Kafin ka ƙirƙiri tauraro, zaɓi kuskuren. Yana da sharaɗi biyu. Dole ya zama abin da mai karatu zai iya gani da idonsa a kan shafi, kuma dole ya zama ƙarami har mutum mai hankali ya iya tsallake shi ba tare da an kira shi sakarai ba.

Saɓani iri-iri ne ke zuwa gaban akawu. Akwai sa hannun da bai yi daidai da samfurin da banki ya ajiye ba, amma ba ka iya nuna wa mai karatu sa hannu da kalmomi, sai dai ya yarda da kai. Akwai kwanan wata, kamar cakin da ya tsufa, wanda bankuna a ƙasashe da dama ba sa biya in ya wuce wata shida, amma wannan ko sabon ma'aikaci zai gani. Akwai lambar asusu da sunan mai asusu da ba su haɗu ba, wanda yake da kyau sai dai yana bukatar dogon bayani. Wanda ya fi dacewa da gajeren labari shi ne saɓani tsakanin adadin da aka rubuta da lamba da wanda aka rubuta da kalmomi, domin layi biyu kacal ne, kuma mai karatu zai iya gwada su da kansa.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A akwatin lamba an rubuta 94,500. A layin kalmomi an rubuta dubu arba'in da tara da ɗari biyar, wato 49,500. Huɗu da tara ne suka musanya wuri. Kada ka yi wa kuɗin suna in labarin bai bukata ba, lambobin kaɗai sun isa.

Abin da ya sa wannan kuskure yake wucewa yana da sauƙin ganewa. Lamba akawu yake bugawa a kwamfuta, don haka idonsa akwatin lamba yake fara faɗawa. Layin kalmomi kuwa rubutun hannu ne, sau da yawa a cukurkuɗe, kuma wanda ya duba caki ɗari tun safe ba karanta shi yake yi ba, leƙa shi yake yi. Ya ga "tara", ya ga "ɗari biyar", sai zuciyarsa ta cike masa sauran. Ita kuma kwamfuta ba ruwanta. Muddin akwai isassun kuɗi a asusun, za ta karɓi 94,500 ba tare da ta yi tari ba.

Abin da akawu na gaske yake yi da takardar

Nan ne labarai da yawa suke karyewa, domin duk wanda ya taɓa aiki a kanta zai gane marubucin bai san wurin ba. Ga yadda aikin yake tafiya. Akawu ya karɓi caki, ya duba kwanan wata, da sunan wanda za a biya, da adadi a lamba da kalmomi, da sa hannu, sannan ya duba ko akwai alamar goge ko ƙari a jikin takardar. Ya nemi katin shaidar mai karɓa. Ya buɗe asusun mai cakin ya ga ko kuɗin sun isa, ko kuma an ba da umarnin a tsayar da wannan cakin. Kowane akawu yana da iyakar adadin da zai biya da kansa. In kuɗin sun haura wannan iyaka, sai wani na sama da shi ya sa hannu ko ya amince a kwamfuta. Ƙa'idar ita ce mai shigarwa daban, mai tabbatarwa daban, ido huɗu a kan takarda ɗaya.

Akwai wata gaɓa ta shari'a da za ta ba ka gardama mai daɗi. Dokar Birtaniya ta 1882 kan takardun biyan kuɗi ta ce in lamba da kalmomi suka saɓa, adadin da ke cikin kalmomi shi ne abin biya. Yarjejeniyar Janiba ta 1931 kan caki ma haka ta tanada, haka kuma dokar kasuwanci ta Amurka. Hikimar ita ce ya fi wuya mutum ya yi tuntuɓen alƙalami yana rubuta kalma sukutum, kuma ya fi wuya a sauya kalma fiye da a sauya lamba. Amma a aikace bankuna da yawa ba sa biya ko da na kalmomin. Mayar da cakin suke yi, su rubuta dalili cewa lamba da kalmomi ba su daidaita ba, domin saɓanin kansa alama ce cewa ba a san nufin mai asusun ba. To ka ga mutum biyu za su iya yin musu a kan takardar nan kowa da hujjarsa: ɗaya ya ce a biya ƙaramin adadin a sallami mutum, ɗaya ya ce sai an ji daga bakin mai kuɗi.

Abubuwa uku kuma akawu ba ya yi, kuma in tauraronka ya yi ɗaya daga ciki ka mayar da shi mai laifi ba ka sani ba. Ba ya ɗaukar biro ya gyara takardar da hannunsa. Gyara na mai asusu ne, ya sa cikakken hannunsa kusa da wurin, kuma bankuna da dama sun fi son ya rubuta sabon caki kawai. Ba ya gaya wa mai karɓa nawa ne a asusun wani. Ba ya kuma kiran lambar wayar da mai karɓa ya miƙo masa ko wadda aka rubuta a bayan cakin. Lambar da ke cikin fayil ɗin banki ita ake kira, domin in akwai damfara, wanda zai ɗaga waccan lambar abokin cin mushe ne.

Dabarar tara

Masu lissafin kuɗi suna da wata tsohuwar dabara da za ta nuna gwanintar tauraronka ba tare da ka yabe shi ba. In lambobi biyu suka musanya wuri, bambancin da ke tsakanin adadin gaskiya da na kuskure kullum yana rabuwa da tara ba saura. A misalinmu, ka ɗebe 49,500 daga 94,500, saura 45,000. Ka raba da tara, ka sami 5,000 cif. Wannan amsa tana magana. Biyar ɗin ita ce tazarar da ke tsakanin lambobin da suka musanya, tara da huɗu. Kasancewarta a gidan dubbai kuma yana nuna cewa musanyar ta faru ne tsakanin gidan dubbai da wanda ke gefensa na hagu.

Sai dai ka san iyakarta, kada ka sa ta yi aikin da ba nata ba. Rabuwa da tara ba hujja ce cewa kuskuren ba da gangan aka yi shi ba, kuma ba ta faɗin wane adadi ne daidai. Wani kuskuren ma yana ba da irin wannan alama: in aka rubuta 4,950 maimakon 49,500, bambancin 44,550 ne, shi ma yana rabuwa da tara. Abin da dabarar take yi kawai shi ne ta ba akawu zato mai ƙarfi cewa hannu ne ya zame. A cikin labari wannan yana da amfani babba, domin yana ba tauraron dalilin kyautata wa mutumin da ke gabansa zato alhali yana hana shi kuɗi. Layi biyu ko uku sun isa. In ka wuce haka ka koma darasin lissafi.

Mutanen da ke wurin

Mutum uku sun isa, da murya ɗaya a waya. A misalinmu akawun budurwa ce, wata huɗu da fara aiki, ba a ma tabbatar da ita ba tukuna. Wannan yana da muhimmanci, domin wanda yake jiran a tabbatar masa da aiki yana tsoron abu biyu a lokaci guda: ya yi asarar kuɗin banki, ko a ce yana da nawa yana tara layi. Na biyu shi ne shugaban sashen kanta, mutumin da ya daɗe, ba mugu ba, gajiyayye ne kawai kuma idonsa na kan agogo. Na uku shi ne mai karɓar kuɗin.

A kan wannan na ukun ya kamata ka daɗe kana tunani. In ka yi shi ɗan damfara mai zare ido da gumi a goshi, mai karatu ya gama labarin tun sakin layi na biyu. Ka yi shi dattijo kafinta wanda ya yi wa wani ƙaramin kamfani aiki aka biya shi da caki, yaran shagonsa kuma suna jiran ladansu. Yanzu taka-tsantsan ɗin yarinyar yana da farashi, kuma wanda bai ji ba bai gani ba ne zai biya shi. Tana da gaskiya, amma gaskiyarta za ta sa tsoho ya koma hannu rabbana. Wannan shi ne jigon, ba kama ɓarawo ba.

Za ka iya barin tambaya ɗaya a buɗe: shin dattijon ya lura da cewa lambar ta kusan ninka kuɗin aikinsa? Kada ka amsa. Bari ya ce abin da zai iya ɗaukar ma'ana biyu.

Zubin labarin

Fara da takardar a hannu, ba da fitowar rana ko tarihin iyayen yarinyar ba. A cikin kalma 150 na farko ka kafa abu uku: saura kaɗan a rufe ƙofa, layi yana da tsawo, ita kuma sabuwa ce. Sannan ka nuna wa mai karatu layukan nan biyu kafin ita ta lura, ka sa su cikin sauran abubuwan da take dubawa kamar ba komai ba. Misali:

Ta duba kwanan wata, na jiya ne. Sunan ya yi daidai da na katin. A akwatin lamba, 94,500. Ta buga. Dubu arba'in da tara da ɗari biyar kacal, in ji layin ƙasa, da rubutu mai kwanciya. Sa hannun ya yi. Ta jawo aljihun kuɗi, ta ɗauko ɗauri na farko, sai hannunta ya tsaya.

Mai karatu mai lura zai riga ta gani ya ji daɗin kansa, wanda bai lura ba kuma zai koma baya ya duba. Dukansu ka kama su. Ka kuma lura cewa ba a ce gabanta ya faɗi ba, hannunta aka nuna.

Daga nan sai tsakiyar labarin, wadda ita ce mafi tsawo, kusan kalma 700. Matsin ya riƙa ƙaruwa daki-daki, kowane da fuskarsa. Na farko daga dattijon:

"Baba, nawa aka ce za ka karɓa?"

"Abin da aka rubuta mana, 'yata."

"To ai abu biyu aka rubuta, Baba. Ka ɗan zauna, ina zuwa."

Tambayar nan tata aikin akawu ce ta gaske, kuma amsarsa ita ce mai fuska biyun da muka ambata. Matsi na biyu daga layi ne: wani ya yi tsaki, wata ta ce a buɗe wata kantar. Jimla ɗaya ko biyu sun isa, kada ka ba mutanen layi suna. Na uku kuma mafi nauyi daga shugabanta ne. Da yake kuɗin sun haura iyakarta, dole ta je wurinsa. Shi kuma ya leƙa akwatin lamba kawai, ya ga ya san kamfanin, ya miƙa hannu zai amince.

"Yallaɓai, a duba layin kalmomin."

Ya duba. Ya cire tabarau, ya mayar.

"To ki biya shi na kalmomin mana. Doka ma haka ta ce."

"In na lambar suke nufi fa, Yallaɓai? Mun rage masa hakkinsa ke nan, cakin kuma ya mutu."

Amsarta tana da ƙarfi domin gaskiya ce: da zarar an biya caki an buga masa hatimi, ba a sake gabatar da shi. Ta kuma juya tunanin mai karatu, wanda har yanzu yana ganin banki take karewa, sai ga shi tana kare tsohon ma. Ka kiyaye harshenta a nan. Ƙaramar ma'aikaciya ba ta yi wa shugabanta lacca. Tana cewa "a duba", ba "ka duba" ba, tana kawo hujjarta a matsayin tambaya, ta bar masa ƙofar da zai sauya ra'ayi ba tare da ya ji kunya ba.

Sai kiran waya. Kada a ɗaga a bugun farko, domin jiran nan shi ne ƙololuwar labarin. Ta nemo lambar a fayil, ta buga, ba a ɗauka ba. Dattijon ya miƙo wata lamba a guntun takarda ya ce ta akawun kamfanin ce, ta yi masa godiya ta ajiye takardar a gefe ba ta kira ba. Ba sai ka yi bayanin dalili ba, in ka riga ka dasa shi a baya da jimla ɗaya daga bakin shugaban. A bugu na biyu ko na uku mai asusun ya ɗaga. Ta tabbatar da cewa shi ne ta hanyar tambayoyin da banki ya tanada, sannan ta ba shi lambar cakin ta tambaye shi wa ya rubuta wa, kuma nawa. Ita ba ta faɗin adadin. In ta ce "dubu casa'in da huɗu ne ko?", mutumin da ke cikin hayaniya zai iya cewa "e" bai saurara ba. Shi zai faɗa, ya duba gindin cakin da ya rage a littafinsa, ya ce dubu arba'in da tara da ɗari biyar. Sai shiru a wayar lokacin da ta gaya masa abin da ke cikin akwatin lamba.

Me da bai tsaya ba? Ka bar mai karatu ya san girman abin, amma a taƙaice. Kuɗin da aka miƙa a hannu suka fita ƙofa, dawo da su ya dogara ne kan yardar wanda ya karɓa ko doguwar shari'a. Mai asusu zai ga an cire masa 45,000 fiye da nufinsa, zai ce banki ya biya takarda mai saɓani, kuma hatimin da ke jikinta na yarinyar ne. Jimla ɗaya daga shugaban tana iya ɗaukar wannan duka, misali ya dubi hatimin da ke kan teburinta ya ce, "Da sunanki zai tafi."

Inda labarin yake lalacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sakayya mai yawa. A kira yarinyar ofishin manaja, a ƙara mata girma, mai kamfani ya zo da kyauta. Ba haka aikin yake ba, kuma mai karatu ya sani. Akawun da ya tsayar da caki mai saɓani ya yi abin da aka ɗauke shi ya yi ne. Abin da ke biyo baya shi ne ta rubuta dalilin mayarwa, ta shigar da kiran wayar a rajista da lokaci da sunan wanda ta yi magana da shi, ta soke shigarwar da ta fara, ta mayar da ɗaurin kuɗin aljihu. In an rufe ƙofa kuma ta ƙirga abin da ke hannunta ta gwada da abin da kwamfuta ta ce. Wannan ƙirgar ta yamma kyauta ce ga marubuci, domin lissafi ya fito daidai ba ƙari ba ragi, kuma ita kaɗai ta san yadda ya kusa ƙin fitowa.

Wani kuskuren shi ne lambobi su sauya a tsakiyar labari. Marubucin da yake ba da labarin musanyar lambobi shi ma hannunsa na iya zamewa. In ka gama, bi labarin da biro ka ja layi ƙarƙashin kowane adadi, ka tabbatar 94,500 yana nan a matsayin lamba, 49,500 a matsayin kalmomi, bambanci 45,000, daga farko har ƙarshe. Ka kuma duba agogo: in ka ce saura minti ashirin a rufe, kada abubuwan da suka faru su ci awa guda.

Sannan akwai yawan bayani. Duk abin da aka faɗa a sama game da doka da iyakar biya da fayil, kai ya kamata ka sani, ba duka zai shiga labarin ba. Gwajin mai sauƙi ne: in bayani bai fito daga bakin wani da ke da dalilin faɗinsa a wannan lokacin ba, ko daga abin da hannun yarinyar yake yi, cire shi. Ma'aikata biyu ba sa gaya wa juna abin da dukansu suka sani.

Rufewa

Koma kan dattijon, domin shi ne bashin da labarin bai biya ba. Ta miƙa masa cakin ta ce mai kamfanin ya ce ya koma a rubuta masa sabo. Ba ta ce masa an so a biya shi fiye da kima ba, ba ta kuma ba shi haƙuri fiye da sau ɗaya. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ta ƙarfe nawa ake buɗewa. Za ka iya tsayawa a nan. In kana son ƙarin sakin layi ɗaya, kai mu washegari da safe: kantoci uku a buɗe, layinta ne ya fi tsawo, ta ɗaga kai ta gan shi na huɗu a ciki da sabon caki a hannu. Kada ka faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi layinta. Ta karɓa, ta fara karantawa daga layin kalmomi.